Ɗalibai 90, littafi 6: ta ina za a fara?

"Ajina yara 90 ne, littattafai 6 kacal. Yaya zan rubuta maƙala kan ra'ayin cewa yaro ne ke gina iliminsa da kansa?"

Malama, ki ɗora maƙalar kan Vygotsky, masanin halayyar ɗan Adam na Tarayyar Soviet. A ganinsa akwai tazara tsakanin abin da yaro ke iyawa shi kaɗai da abin da yake iyawa idan wanda ya fi shi sani ya kama masa, kuma mai kama masan ba dole sai malami ba.

Ga yadda za ki gwada hakan a ajinki. Kada ki raba 90 gida 6, don yara 15 kan littafi ɗaya na gaba ne kawai za su gani. Ki yi rukuni 18 na mutum biyar-biyar. Rukuni shida su riƙe littafi, saura su yi aikin hannu, a riƙa juyawa bayan minti 12. Misali, su naɗe takarda gida huɗu, su gano da kansu cewa 2/4 daidai yake da 1/2.

Inda abin ke lalacewa shi ne mai ƙoƙari ya karɓe aikin, saura su kwafa. Ki tambayi wanda ya fi shiru yadda aka samu amsar. In ya kasa, kwafa aka yi.