Taƙaita sanarwar hukuma da aka ɗauka a hoto

Tambaya: Na ɗauki hoton wata doguwar sanarwar ɗaukar ma'aikata da waya. Yaya zan taƙaita ta ba tare da na ɓata ranaku ko sharuɗɗa ba?

Amsa: Kafin ka rubuta komai, ka faɗaɗa hoton ka tabbatar da cewa kan takardar, ranar fitarwa da sa hannun ƙarshe duk sun fito, domin idan gefe ya yanke ko haske ya cinye layi guda, gara ka sake ɗauka da ka cike gurbin da zato.

A wajen ranaku aka fi yin kuskure. Idan ka ga 04/05, ka nemi wata rana a takardar wadda lamba ɗaya ta wuce 12, misali 18/04, ita ce za ta nuna maka cewa rana ce a gaba, sannan ka rubuta sunan watan da haruffa. Idan kuma an ce a miƙa takardu cikin kwana 14 daga ranar sanarwa, alhali an fitar da ita ranar 18 ga Afrilu, wa'adin zai cika ranar 2 ga Mayu, amma in kwanakin aiki aka ambata, lissafin ya sauya. Ni dai nakan rubuta ranar da na lissafa tare da ainihin lafazin takardar.

Sai ka tsara taƙaitawar a layuka huɗu: hukumar da ta fitar, waɗanda suka cancanta, takardun da ake buƙata, sai wa'adi da wurin miƙawa. A layin sharuɗɗa kada ka mayar da "ko" ta koma "da", domin takardar haihuwa ko shaidar shekaru abu ɗaya ake nema a cikinsu. Ka tura hoton asali tare da taƙaitawar.