Baƙin zomo ya haifi fari: amsoshin wasiƙun wannan mako

*Malam, na sayi zomaye biyu baƙaƙe wuluk, mace da namiji. Zomanyar ta haifi takwas, biyu daga ciki farare tas masu jan ido. In mayar wa mai su, ko kuwa namijin maƙwabcina ne ya shigo keji? Daga wani mai kiwo a Zariya.*

Ka ƙyale maƙwabcinka, kuma kada ka ɗauki zomaye ka koma kasuwa kana faɗa. Abin da ka gani shi ne daidai abin da lissafi ya ce za a gani. Kowane zomo yana ɗauke da ƙwayar gado guda biyu ta launi, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wadda ke sa launi ya fito ana rubuta ta C, ita ce mai rinjaye. Ta zabiya ana rubuta ta c, ita kuwa lafewa take yi, ba ta bayyana sai zomo ya gaje ta daga iyayensa duka biyu. Naka biyun kowannensu Cc ne, baƙi a ido, farin yana ɓoye.

Zana akwati ka raba shi gida huɗu. Rubuta C da c na uban a sama, C da c na uwar a gefe, sannan ka cike kowane gida da harafin samansa da na gefensa. Za ka samu CC ɗaya, Cc biyu, cc ɗaya. Ukun farko baƙaƙe ne, na ƙarshen fari mai jan ido. Uku da ɗaya ke nan, kai kuma ka samu shida da biyu. Sa'a ce ta sa naka ya faɗo daidai haka. Haihuwa ta gaba tana iya zuwa babu fari ko ɗaya, ko kuma da huɗu.

*Ina so in sayi namiji mai launi don iri, ba na son farare a garkena domin masu saye a wajenmu ba sa son mai jan ido. Mai sayarwa ya rantse mini nasa tsantsa ne, kuma kuɗinsa ya ninka na saura. In biya? Daga wata mai kiwo a Funtuwa.*

Hajiya, kada ki biya ninkin a kan rantsuwa. Ba ina cewa maƙaryaci ba ne, yana yiwuwa shi kansa bai sani ba, domin zomo CC da zomo Cc kamanninsu ɗaya ne. Ko za a kwana ana juya shi ana duba kunne da ƙafa, ido ba zai raba su ba. 'Ya'yansa ne kawai za su tona abin da ya ɓoye, shi ma sai an haɗa shi da macen da ta dace.

Macen da ta dace ita ce fara mai jan ido, wato cc. Ita ba ta da abin ba wa 'ya'yanta sai c, don haka duk abin da ya fito, daga wajen uban ya fito. In namijin CC ne, kowane ɗa zai zama Cc, dukansu masu launi. In kuwa Cc ne, kimanin rabi za su zo da launi, rabi farare masu jan ido. Wannan shi ne barbarar gwaji. Ki ware zomanyar daga kowane namiji na sama da wata guda tukuna, don kada ta zo miki da cikin wani. Cikin zomo kwana 31 ne ko kusa da haka, 'ya'yan kuma suna buɗe ido a wajen kwana goma, a lokacin za ki ga launin gashi da na ido sarai.

Yanzu ga inda mutane ke yin gaggawa. Fari guda ɗaya tak ya isa hujja cewa namijin yana ɗauke da c, magana ta ƙare. Amma rashin ganin fari ba ya zama hujja sai 'ya'yan sun yi yawa. Namiji Cc, a kowane ɗa tamkar jefa kwabo ne, ko ya ba da C ko ya ba da c. In 'ya'ya uku kawai aka haifa, sau ɗaya cikin takwas dukansu za su zo da launi alhali uban yana ɓoye da farin. In bakwai ne, damar ya tsallake gwajin ta koma ɗaya cikin 128. In goma ne, ɗaya cikin 1,024. Saboda haka in zomanyar ta haifi uku ko huɗu, ki sake haɗa su ki tara lissafin haihuwa biyu. Kada kuma a ce miki ai an taɓa haɗa shi da mace mai launi bai ba da fari ba. In macen CC ce, ba zai taɓa bayarwa ba ko da yana ɗauke da shi. In Cc ce, 'ya'ya bakwai za su iya fitowa duka da launi kusan sau 13 cikin ɗari.

Abu biyu kan rikita masu wannan gwaji. Na ɗaya, akwai farin zomo mai shuɗin ido, shi wata ƙwayar gado ce dabam ta sa shi fari, ba zai yi miki wannan aiki ba. Na biyu, zabiya tana rufe sauran launukan da ta gada. Sai ki haɗa baƙin namiji da ita, ki ga 'ya'ya masu ruwan zomon daji. Wannan daga uwar ne, ba laifin namijin ba ne. Jan ido da farin gashi kawai kike ƙirgawa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kuwa shi ne wannan kalma ta tsantsa da ta cika bakin masu sayar da dabbobin iri. Zomo tsantsa, kaza tsantsa, tunkiya 'yar waje, kowa da hoton uba da uwa a waya, babu mai littafin da ya rubuta wa aka haɗa da wa, nawa aka haifa, wane launi. Mutum zai tsaya ya yi ciniki a kan kwanon dusa har rana ta take, amma a gaya masa tsantsa, sai ya zaro kuɗin buhun masara bai yi tambaya ko ɗaya ba. Bayan wata uku ya ciyar, ya sayi magani, ya gina keji, sannan ya aiko mini da wasiƙar kuka. Tsantsa a wane hali? A launi, ko a girma, ko a yawan haihuwa? Gwajin da na faɗa miki ƙwayar gado ɗaya kawai yake dubawa. Namiji yana iya cin gwajin launi, 'ya'yansa kuma su zo tsumburarru, domin saurin girma da nauyi ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa a kansu, ga kuma abinci da tsabta. Wannan sai kin je gidan mai shi kin ga iyaye da yayyen da aka yaye da idonki. Wanda ya hana ki shiga ki gani, ki riƙe kuɗinki.

Ki biya kuɗin namiji na yau da kullum, ku yi sharaɗi a gaban shaidu cewa cikon sai bayan gwaji. 'Ya'yan gwajin kuma kada ki bar ko ɗaya don iri, duk kyansa, domin kowannensu ya gaji c daga uwarsa. Ki kiwata su ki sayar na nama.

*An yi mini tallan zomaye biyu masu launi da gajeren gashi, an ce kowannensu yana ɗauke da fari da kuma dogon gashi, wai duk haihuwa zan samu fari mai dogon gashi ɗaya cikin huɗu. Haka ne? Daga wani ɗalibi a Kano.*

Ba haka ba ne, ɗaya cikin 16 ne. Gajeren gashi, L, yana rinjayar dogo, l, don haka in maganar mai tallan gaskiya ce, kowannensu CcLl ne. Ba sai ka zana gida 16 ba. Ka ɗauki kowane hali shi kaɗai ka ninka. Damar fari ɗaya cikin huɗu ce, damar dogon gashi ita ma ɗaya cikin huɗu, huɗu sau huɗu 16. Mai launi da gajeren gashi uku sau uku ne, tara cikin 16. Mai launi da dogon gashi uku, fari mai gajeren gashi uku. Shi ne 9:3:3:1 da kake gani a littafin makaranta. Ninkawar tana aiki ne in halayen biyu ba a maƙale suke kusa da juna a kan zaren gado ɗaya ba, waɗannan biyun kuwa kowanne hanyarsa dabam.

Kada ka zaci haihuwa ɗaya za ta nuna maka wannan tsari. Gregor Mendel, wanda ya fitar da lissafin a 1866 daga wani nau'in wake da ya shuka a garin Brno na ƙasar Czech ta yau, sai da ya ƙirga ƙwaya 556 ya samu 315 da 108 da 101 da 32. Kai da 'ya'ya takwas, kusan sau shida cikin goma ba za ka ga wanda kake nema ba ko ɗaya. Ɗaya cikin huɗun da aka faɗa maka yana samuwa ne in an haɗa CcLl da ccll, inda kashi huɗun ke fitowa daidai wa daida. To amma in kana da ccll a hannu, ai ka riga ka samu abin da kake nema. Sannan ka yi tunanin watan Afrilu a Kano kafin ka tara zomaye masu dogon gashi. Zafi yana wahalar da su, gashin kuma yana cukurkuɗewa in ba a taje shi.

*Ni da maigidana duka AS ne. Yaranmu uku babu mai sikila, yanzu ina da ciki na huɗu. Ana ta ce mini tunda ɗaya cikin huɗu ne, wannan dole shi ne. Ba na iya barci. Daga wata uwa a Gusau.*

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, masu gaya miki haka ba su fahimci lissafin ba. Ba layi ake bi ba, kuma ciki ba ya sanin abin da ya faru da na gabansa. Kowane ciki lissafinsa sabo ne: kashi ɗaya cikin huɗu AA, kashi biyu AS, kashi ɗaya SS. Wannan da kike ɗauke da shi yana da dama uku cikin huɗu ta zuwa babu sikila, daidai da yadda yayyensa suka samu. Ba zan ce miki babu haɗari ba, ɗaya cikin huɗun yana nan, amma bai ƙaru da komai ba don ukun farko sun tsira.

Ki gaya wa ma'aikatan awo cewa ku biyun AS ne, ki tambaye su inda za a yi wa jaririn gwaji da kuma lokacin da ya dace, domin in ma SS ɗin ne, sanin da wuri yana sa a fara ba shi kulawa tun kafin ciwo ya taso. Yaran nan uku ma, in ba a taɓa gwada su ba, a gwada su a ajiye takardar, don wanda bai da sikila a gidanku ya fi yiwuwa ya zama AS a kan AA, biyu cikin uku. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya mana su baki ɗaya.