Risit ɗin POS na SMS da imel: amsoshin tambayoyinku na wannan mako

"Malam, na je cire dubu ashirin wajen mai POS a Samaru, na'ura ta nuna DECLINED amma alat ya shigo an cire kuɗin. Takardar na'urarsa ta ƙare, ya ce in ba shi lambata ya turo min risit ta SMS, na ƙi, tunda ai ba a biya ba. Yanzu banki sun ce in kawo RRN. Mene ne shi kuma, a ina zan samo?" Daga wata ɗaliba, Samaru.

Ƙanwata, kin iya haddace lambar ɗalibta mai tsawon layin dogo amma risit na kyauta kika ƙi karɓa? Wallahi wannan abu yana damuna matuƙa, don kusan kullum sai na ga mutum ya juya baya ya tafi da zarar na'ura ta ce DECLINED, alhali risit ɗin da bai yi nasara ba shi ne ya fi kowanne amfani. In an biya ki kuɗi kin ƙirga kin sa a jaka, risit bai da wani aiki sosai. Ranar da kuɗi suka maƙale ne ake nemansa.

Bari ki ji abin da ya faru tsakanin lokacin da kika danna PIN da lokacin da allon ya yi ja. Na'urar ta karanta ɗan guntun ƙarfen nan na jikin katinki, ta haɗa saƙo ɗaya bisa tsarin da ake kira ISO 8583, wanda bankuna ke magana da juna da shi a harkar kati. Cikin saƙon akwai lambar kati, da adadin kuɗi, da lokaci, da lambar ita na'urar, da PIN ɗinki a rufe yadda ko mai POS ba zai iya gani ba. Kuɗin ma a kobo ake rubuta su, dubu ashirin ɗinki ta tafi ne a matsayin 000002000000. Kafin saƙon ya bar ɓangaren mai POS sai a manna masa lambobin shaida guda biyu, STAN mai lamba 6 da RRN mai 12. Daga nan ya bi sabar kamfanin na'urar, wato babbar kwamfutarsu, ya ratsa masu haɗa bankuna irin su NIBSS ko Interswitch, ya isa bankinki. Bankin ya duba asusu, ya cire kuɗi, ya maido amsa da ɗan lamba biyu, 00 in ya amince. To wannan amsar ita na'ura ke jira, kuma daƙiƙoƙi kaɗan take ba ta. Risit kuma, na takarda ne ko na SMS ko na imel, rahoto ne kawai na abin da na'urar ta tura da abin da ya dawo mata.

Kin ga inda matsalar take kenan. Bankinki ya karɓi saƙo ya cire kuɗi ya tura miki alat, amma amsarsa ta ɓace a hanyar dawowa ko ta makara, netwok ɗin Samaru kuwa kin san halinsa da yamma in ɗalibai sun fito. Na'ura ta gaji da jira ta rubuta DECLINED, don ita a wajenta babu wanda ya ce mata an amince. Ita da bankin kowa gaskiya ya faɗa daga inda yake tsaye. A ƙa'ida sai a tura wani saƙo na biyu, na warwarewa, ya ce wa banki ya maida kuɗin, shi ya sa wani lokaci kafin ki kai hostal kin ga sun dawo. In shi ma wannan saƙon bai isa ba, kuɗi sun maƙale, sai an bi su da hannu.

Ga yadda risit ɗin da kika ƙi zai kasance, lambobin na misali ne:

```
TERMINAL ID: 2ABC1234
PAN: 506100******1234
AMOUNT: NGN 20,000.00
STAN: 004512
RRN: 000317004512
RESPONSE CODE: 91
DECLINED
```

RRN ɗin nan shi ne lamba ɗaya da ke rubuce a kowace tasha da saƙon ya bi, a na'ura, a sabar kamfani, a bankinki. Kamar lambar da ake rubuta wa buhu a tashar mota ce, da ita ake gane kayan wane ne a can inda aka sauke. Ma'aikacin banki yana da dubban cire-ciren dubu ashirin na ranar, in kika ce masa "ranar Talata da yamma wajen wani mai lema shuɗiya" ba ki ba shi komai ba. In kika ba shi RRN da TERMINAL ID, wato lambar na'urar, da kwanan wata, yana da abin da zai tura wa ɓangaren mai POS ya ce ku nuna mana ko kun biya wannan.

Sai RESPONSE CODE, shi ke gaya miki laifin daga ina. 51 kuɗin asusu ne ba su kai ba, 55 PIN aka yi kuskure, a waɗannan biyun bankin da kansa ya ce a'a, don haka ba a cire komai. 91 kuwa na nufin ba a samu bankinki ba ko bai amsa kan lokaci ba, kuma irin wannan ne ake iya cirewa a ce ba a biya ba. Duk wanda ya ga 91 ya dakata ya duba asusunsa kafin ya sake sa kati, don mutane na sake gwadawa sau uku a jere su koma gida da cire uku. Haka kuma risit ɗin da aka amince yana ɗauke da AUTH CODE, lamba ko harafi 6 da bankinki ke bayarwa da kansa, a wanda aka ƙi galibi wajen babu komai.

Yanzu abin yi. Koma wajen mai POS ɗin, na'urarsa na da tarihin cinikin da ya yi, ya nemo naki da kwanan wata da lambobi huɗu na ƙarshen katinki ya sake fitar da shi, ko ki ɗauki hoton allon. Wasu bankunan ma suna sa RRN ko STAN cikin bayanin alat ko takardar bayanin asusu, duba can ma. Ki kai wa bankinki, wanda ya ba ki kati, don su ne ke buɗe ƙorafin, rigima da mai POS ba za ta dawo da ko kobo ba tunda kuɗin ba su shiga wajensa ba. Tun watan Yunin 2020 CBN ya ce a warware irin wannan matsala ta POS cikin awa 72, ki tuna musu da hakan cikin ladabi. Ni dai ɗabi'ata, kuma ina so kowa ya ɗauka, ba na barin gaban mai POS sai na ɗauki hoton risit, musamman wanda bai yi ba, domin takardar risit ma rubutunta da zafi ake buga shi, in ta kwana biyu a aljihu cikin zafin nan sai ta koma fara fat.

"Ni ina mamaki, ya na'urar ke sanin lambar wayata har ta turo min saƙo? Ko tana cikin katin ne?" Daga wani tela, Tudun Wada.

Ba ta sani ba, Malam, kuma katinka bai ɗauke da lambar waya. Saƙo iri biyu kake haɗawa. Alat daga bankinka yake zuwa, zuwa lambar da ka ba su ranar buɗe asusu, kuma shi ne ke nuna ragowar kuɗinka. Risit kuwa daga ɓangaren mai na'ura yake, kuma sai an rubuta lambarka ko imel ɗinka a kanta bayan an gama ciniki. Ko a nan ma yawanci ba layin da ke cikin na'urar ke tura saƙon ba, shi data kawai yake ja. Na'urar tana aika lambarka da bayanin cinikin zuwa sabar kamfani, sabar ta zuba su cikin wani rubutu da aka riga aka tsara, ta miƙa wa kamfanin tura saƙonni da yawa, shi ya sa kake ganin suna a saman saƙon maimakon lamba. In mai POS ya yi kuskuren lamba ɗaya, risit ɗinka ya tafi wayar wani bawan Allah, don haka ka karɓi na'urar ka rubuta da hannunka.

"Wani ya sayi kaya na dubu tamanin, ya nuna min risit na taransfa a wayarsa, SMS ma ya shigo min da sunan banki, na ba shi kaya. Har yau kuɗi ba su shigo ba." Daga mai shagon kayan masarufi, Sabon Gari.

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Hoton risit yaro ma zai iya gyara shi a waya, sunan da ke saman SMS kuma ana iya ƙirƙirarsa, shi ya sa ba a sakin kaya don an ga saƙo. Buɗe manhajar bankinka ko tarihin na'urarka ka ga kuɗin da idonka. In mai saye ya rantse ya tura, ya ba ka Session ID, lamba 30 ce da ke kan taransfa tsakanin bankuna, bankinka zai duba ya gaya maka ko akwai ta.

"Me ya sa ake sa taurari a tsakiyar lambar katina?" Daga Kongo.

Don kare ka. Ƙa'idar tsaron kati ta hana a nuna lambar gaba ɗaya, shi ya sa kake ganin 6 na farko da 4 na ƙarshe, wani lokaci 4 na ƙarshen kaɗai. PIN da lambobi ukun bayan kati ba sa fitowa a risit ko kaɗan. In ka ga cikakkiyar lambarka a risit, ko wani saƙo ya ce danna nan ka sa PIN don karɓar risit, kar ka taɓa, kira bankinka.

"Risit na SMS gajere ne, na imel kuma dogo. Wanne ne na gaske?" Daga wata ma'aikaciya, Kwangila.

Duk biyun, Hajiya, daga bayani ɗaya aka ciro su. SMS guda harafi 160 yake ɗauka, in aka sa alamar ₦ ko harufanmu masu lanƙwasa sai ya sauko 70, shi ya sa suke rubuta NGN su taƙaita, ko su ba ki mahaɗi zuwa cikakken risit. Imel ba shi da wannan takura, a ciki za ki ga sunan shago da adireshi da nau'in kati da AUTH CODE. In na ofis ne za ki kai wa akanta, nemi na imel, in bai shigo ba ki leƙa Spam.