Na danna "Reply All", amsata ta je wa kowa

"Saƙon imel ya zo mini ta Bcc, na danna Reply All, sai wanda aka rubuta wa ya ga amsata. Me ya faru?"

Abin da ya faru shi ne, Bcc, wato layin da ake sa wanda za a ba kwafin saƙo a ɓoye, yana ɓoye sunanka ne muddin ba ka yi magana ba. A ce shugabarka ta rubuta wa wani ɗan kwangila kan jinkirin aiki, ta sa shi a To domin daga gare shi take jiran amsa, ta sa akanta a Cc don ya san halin da ake ciki, kai kuma ta sa ka a Bcc. Su biyun ba su san kana gani ba. Da ka danna Reply All, amsarka ta tafi gare ta da duk wanda ke To da Cc, da sunanka a sama. Ka tona kanka, ita ma ka bar ta da jin kunya.

Gane wannan ba wuya. Kafin ka amsa, duba layin To da Cc. In babu adireshinka, mai yiwuwa ta Bcc ya zo, ko ta adireshin rukuni. Danna Reply kawai.

Shi ya sa in kai ne mai aikawa, ya fi aminci ka tura saƙon tukuna, sannan ka yi wa wanda kake so ya gani a ɓoye Forward daban, maimakon ka sa shi a Bcc.