Masu shiga shafina suna da yawa, amma ba a sayen kilishin

Tambaya: Ina sayar da kilishi a Agege. Yaron da ya buɗe mini shafi ya sa masa take `How to Make Kilishi`, wai shi aka fi nema a Google. Ana shiga sosai, amma da ƙyar nake samun oda. Ina matsalar take?

Amsa: Alhaji, yaron bai yi ƙarya ba, ana neman wannan kalma. Sai dai mai rubuta ta ba da kuɗi ya zo ba. Yana so ne ya san yadda ake yanka nama fale-fale, a shanya, a tsoma a labu, a gasa. Ka kira ɗalibai zuwa ƙofar shago, alhali masu saye kake jira.

Tun a 2002 wani masani mai suna Andrei Broder ya kasa masu bincike a intanet gida uku, kuma har yau da rabon nan ake aiki. Akwai mai neman sani, akwai mai neman saye ko yin wata hulɗa, akwai kuma wanda ya riga ya san inda za shi, hanya kawai yake nema. Kalmomin da mutum ya rubuta kan tona shi. Mai neman sani yakan fara da `how to` ko `what is`. Mai neman saye yakan sa `buy`, `order`, `delivery` ko `near me`, sau da yawa har da sunan unguwa kamar Ikeja ko Lekki. Na ukun sunan shagonka zai rubuta, shi ke nan.

Amma kada ka tsaya a kan zato. Kafin a zaɓi take, a buɗe Chrome a yanayin `Incognito`, a rubuta kalmar, a duba sakamako goma na farko. Idan bidiyon girki da rubutun bayani ne suka cika wurin, Google ya gane masu neman sani ne ke rubuta ta. Idan ka ga taswira, farashi, tallace-tallace da shafukan 'yan kasuwa, to kasuwa ce ke ci a nan. Wannan dubawar ba ta wuce minti biyar, kuma a ganina ta fi duk wani lissafin yawan masu nema amfani. Ka yi ta a wayarka kana Legas, domin sakamakon yana canzawa da garin da mutum yake.

Inda ake ruɗewa shi ne kalma irin `kilishi price in Lagos`. Mai rubuta ta tambaya yake yi, amma hannunsa na aljihu, kamar wanda ya tsaya gaban faifanka ya ce "nawa ne?" Irin wannan shafin saye ya kamata ya tarar, da farashin kowane nauyi a fili. Idan ya shiga ya ga sai ya aiko da saƙo kafin a gaya masa kuɗi, zai koma ya danna na ƙasa da kai.

Ga gyaran da nake ba ka shawara. Kada a goge shafin da ke akwai, tunda yana kawo mutane. A bar shi da takensa, a tabbatar yana koyar da haɗin da gaske, sannan a ƙarshensa a sa mahaɗi zuwa wurin oda domin wanda ya ga aikin ya fi ƙarfinsa. Sai a buɗe sabon shafi na saye kaɗai, da take kamar haka:

```
<title>Buy Kilishi in Lagos: 500g, 1kg, Delivery from Agege</title>
```

Harafi 52 ne wannan, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Google yakan datse take idan ya wuce kimanin harafi 60, shi ya sa aka sa kayan da garin a gaba. A cikin shafin a nuna hoto, farashi, unguwannin da kuke kai wa, kuɗin ɗan aike da maɓallin WhatsApp. Abin da ba ka yi, kada take ya yi alkawarinsa. In ba ka kai kaya Ajah a rana ɗaya, kada `same day` ya shiga. Babban shafin shago kuwa, wato `homepage`, ya ɗauki sunan shago da Agege, domin tsofaffin kwastomomi.

Kuskuren da zai iya biyo baya shi ne yaron ya ce bari a haɗe duka a take ɗaya, koyarwa da saye da farashi. Ka hana shi. Irin wannan take ba ya gamsar da kowa, kuma Google kan sauya taken da bai dace da abin da ke cikin shafi ba, ya nuna wanda ya ga dama.

Bayan mako huɗu zuwa shida, a buɗe `Search Console`, inda Google ke nuna yadda shafi ke fitowa a bincike, a shiga `Performance`, a zaɓi sabon shafin, a duba `Queries`. Idan `Impressions`, wato yawan nuna shafin a sakamako, na da yawa amma `Clicks` kaɗan ne alhali shafin yana sama, taken ne bai ja hankali ba, a sake shi. Idan ana dannawa da kalmomin saye amma oda ba ta zuwa, take ya gama aikinsa, sai a duba farashi da kuɗin kai kaya.