Na tura kuɗi asusun da ba shi ba, banki ya ce ba ruwansa

Tambaya: Barista, ɗan kasuwa ne ni a Kantin Kwari. Ranar Talata na tashi tura wa mai kawo mini kaya naira 380,000, sai na kuskure lamba ɗaya, kuɗin suka faɗa asusun wani mutum da ban sani ba. Na je bankina, sun ce ba za su iya janyo kuɗin ba. Na samu lambar wayar mutumin, ya ɗaga sau ɗaya, tun daga nan ya daina ɗagawa. Ina so in maka bankin a kotu, tunda kuɗina ne kuma suna ganinsu.

Amsa: Alhaji, Allah Ya mayar da alheri. Ban ga takardunka ba, don haka abin da zan faɗa bisa labarinka ne kawai. Amma maganar kai banki kotu, ina ganin ka ajiye ta tukuna.

Kafin ka sa lambar sirri, manhajar ta nuna maka sunan mai asusun. Ka gani ko ba ka duba ba, ka amince, banki kuma ya aika inda ka ce. A idon doka, da wuya a ce ya yi laifi. Kuma da zarar kuɗi sun shiga asusun mutum, bankinsa ba ya da ikon zare su don kawai wani ya ce nasa ne. Da haka ake yi, da duk wanda ya sayi kaya ya biya sai ya koma ya ce kuskure ne. Da a ce bankin ne ya yi kuskuren da kansa, da hukuncin ya bambanta.

Wannan ba ya nufin kuɗin sun zama na mutumin. Ba nasa ba ne, kuma doka ta ba ka damar neman su. Shi kake bi bashi, ba banki ba.

Sai dai "ba ruwanmu" ɗin da aka ce maka ba cikakkiyar amsa ba ce. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2018 kan tura kuɗi nan take ta yi tanadi a kan irin wannan kuskure. In ka kai ƙorafi mai hujja, bankinka zai sanar da bankin mutumin, shi kuma ya ɗaure daidai adadin kuɗin a asusun, sannan ya nemi amincewarsa a mayar. In ya ƙi, masu binciken kuɗi na bankunan biyu su shiga tsakani cikin mako biyu, ɗaurin ma ba ya wuce haka. In kuwa ya riga ya kwashe kuma ya ƙi mayarwa, ana iya sa BVN ɗinsa cikin jerin waɗanda ake sa wa ido.

Na lura ka ce ka "je" banki. Da baki ka yi magana, ko ka rubuta? In da baki ne, to kamar ba ka yi ba. Ka rubuta yau, ka haɗa da rasit mai ɗauke da Session ID, wato lambar shaidar tura kuɗin, a buga maka hatimi a kwafinka. Kowace rana da ta wuce dama ce ga mutumin ya cire kuɗin, kuma ba a ɗaure asusun da babu komai a ciki. In mako biyu suka cika banki bai yi komai ba, sai ka kai kuka sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

A zahiri, bankuna da yawa za su ce ka kawo umarnin kotu, don su kare kansu. Lauya zai shigar da buƙata tare da takardar rantsuwarka, ba wani abu ne mai wuya ba, amma yana cin kuɗi da lokaci. Ka kuma sani, umarnin kotu ba ya haifar da kuɗi a asusun da aka share. A nan sai ka bi mutumin da kansa, wataƙila ta kotun ƙananan basussuka.

Shi kuwa mai kashe waya, ban san me yake taƙama da shi ba, alhali sunansa da BVN ɗinsa suna hannun banki. Wanda ya san kuɗi ba nasa ba ne ya ci, yana iya fuskantar tuhumar laifi, gwargwadon abin da aka tabbatar na niyyarsa. Duk da haka kada ka yi masa barazana, kada ka watsa sunansa da hotonsa kana kiransa ɓarawo, don kada mai ƙara ya koma wanda ake ƙara. Yana yiwuwa ma tsoro yake ji, domin 'yan damfara na amfani da wannan labarin na "na tura bisa kuskure".

Ka aika masa saƙo a rubuce cikin mutunci, ka ce ya je bankinsa ya sa hannu a mayar ta hanyar da kuɗin suka zo. In ya ce ya taɓa wani abu a ciki, ni dai da zan karɓi abin da ya rage nan take, sauran a rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu, da ranakun biya.