Rahoton Juma'a ga mai ɗaukar nauyin gini

"Maigida, ka ce daga yanzu ni zan riƙa rubuta wa Alhaji rahoton mako na ginin azuzuwan Islamiyya, shafi ɗaya kacal. Me zan sa, me zan bari, tunda shi ba magini ba ne?"

Ɗana, Alhaji a Kantin Kwari yake yini, mu kuma muna ƙauye bayan Ringim, kuma a waya zai karanta takardar tsakanin ciniki da ciniki. Saboda haka layin farko shi ne zai gaya masa ko ranar da muka yi alkawari tana nan ko ta gusa. A wannan makon ta gusa, don haka ka fara da cewa: "Za mu gama ranar 25 ga Satumba, ba 20 ba, domin ruwan sama ya hana tifa kawo yashi har kwana biyar." Kada ka tura wannan labari ƙasan shafi don kunya, domin idan a bakin mai unguwa ya fara jin sa, ba zai sake yarda da takardarmu ba.

Daga nan sai aikin da aka yi, kuma a nan ne yaran magina suka fi tuntuɓe. Idan ka rubuta cewa mun yi kastin ɗin linta, ni na gane, shi kuwa sai ya kira ya tambaya. Ka rubuta abin da idonsa zai gani da ya zo: bango ya kai saman ƙofofi da tagogi, an zuba kankare da rodi a kansu domin ya ɗauki nauyin abin da ke sama. Ka ƙara da cewa za a yi kwana bakwai ana ba kankaren ruwa don ya yi ƙarfi, in ba haka ba, wani ya wuce ya ga wurin shiru ya ce masa ma'aikata sun gudu. Ni ba na son "an kammala kashi 70 cikin ɗari", domin ba wanda zai iya aunawa, kuma na sha ganin gini ya yi wata biyu a kan kashi 90.

Kuɗi layi uku ne: ya turo naira miliyan 6, an kashe miliyan 4 da dubu 100, saura miliyan 1 da dubu 900. Ka faɗa masa ƙarara ko ragowar za ta kai mu rufi. Rasidai suna cikin fayil, ba a cusa su a shafin.

A ƙarshe ka rubuta abin da muke jira daga gare shi, da ranarsa, da abin da jinkiri zai jawo: ya zaɓi tsakanin kwano mai kauri da marar kauri kafin Talata, ga farashin kowanne, in ranar ta wuce, kafinta zai tafi wani aikin. Ka haɗa da hoto biyu da aka ɗauka daga kusurwar da aka ɗauki na makon jiya, sannan ka karanta wa mai gadi takardar kafin ka aika, duk inda ya ce "me ke nan?", ka sauya kalmar.